Ka Gano Inda Aka Ɗauki Hoton: Yaushe Ya Kamata Ka Riƙe Bakinka?

Gano inda aka ɗauki hoto ya zama sana'ar da matasa da yawa suka iya. Da waya ɗaya da ɗan data, mai haƙuri zai iya duban hoton mutum tsaye a gaban wata katanga, ya bi allon makaranta da ƙarfen sabis da lanƙwasar hanya, ya dangana da wurin a taswira. 'Yan jarida masu tantance labari suna yin haka don kama ƙarya, kamar a ɗauko hoton wata ƙasa a ce a Kano abin ya faru. Aiki ne mai kyau. Amma ganowa mataki ɗaya ne, wallafawa wani mataki ne daban, kuma a na biyun ne ake jefa mutane cikin halaka. Idan akwai mutum a cikin hoton, ranar da ka faɗi wurin ka ba duk wanda ya karanta kwatancen inda zai same shi, har da wanda bai kamata ya same shi ba.

Wannan jagora ta ɗauki Rimin Gado a matsayin filin aiki, domin dokokin da ake koya wa 'yan jarida a birane ba su cika yi wa irin wannan ƙasa daidai ba.

Abin da ya sa ƙauye ya bambanta

A littattafan koyar da aikin jarida ana cewa idan kana tsoron fallasa mutum, kada ka faɗi titi da lambar gida, ka tsaya a sunan unguwa ko gari. Wannan shawara tana aiki a Fagge ko Kurna, inda mutum zai ɓace cikin dubban jama'a. Rimin Gado tana yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, cikin yankin nan da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960, saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasa shekara bayan shekara. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Jama'a na da yawa, amma a rarrabe suke gida-gida da unguwa-unguwa, kuma kowa sananne ne. Baƙon da ya sauka daga mota da hoto a waya, ya tambayi mai shayi ko ɗan acaɓa a Gulu ko Butu-Butu ko Karofin Yashi, ba zai yi tambaya uku ba za a nuna masa ƙofar gida. Wataƙila ma a haɗa shi da yaro ya raka shi, domin tarbiyyarmu ce a taimaki baƙo.

Saboda haka a nan fuska da sunan ƙauye sun isa adireshi. Wanda ya rubuta sunan ƙauye a ƙarƙashin hoton mutum yana ganin ya sakaya, alhali ya gama faɗin komai.

Hanyoyi biyu da hoto ke tona wuri

Ta farko ɓoyayya ce. Wayar da aka bar wa kyamararta izinin sanin wuri tana rubuta lambobin GPS a cikin fayil ɗin hoton, tare da rana da lokaci da samfurin wayar. Wannan bayani shi ake kira EXIF. A fili, inda ba rufi ba dogayen gine-gine, kuskuren lambobin ba ya cika wuce 'yan mitoci. Yana da kyau ka san nauyin kowace lamba da ke bayan ɗigo. Digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. Lamba ɗaya bayan ɗigo tana nuna fili mai faɗin kilomita 11, wato wani babban yanki na ƙaramar hukuma. Lambobi biyu sun matso zuwa kusan kilomita ɗaya, wato ƙauye da gonakinsa. Uku sun kai mita 111, wato unguwa. Huɗu mita 11 ne, zauren gida ke nan. Waya kuwa takan rubuta fiye da huɗu.

Facebook da Instagram da X suna cire wannan bayani daga kwafin da jama'a ke gani, haka ma WhatsApp idan an tura hoton a matsayin hoto. Amma idan aka tura shi ta Document a WhatsApp, ko ta imel, ko ta Bluetooth da Xender, ko aka ɗora shi kai tsaye a shafin jarida wanda ba ya tace hotuna, yana tafiya da lambobinsa. A Disambar 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton wakilinta tare da John McAfee, attajirin manhajar kwamfuta da 'yan sandan Belize ke nema. Ba su cire EXIF ba, cikin sa'o'i duniya ta san yana Guatemala, kuma ba a daɗe ba hukumomin can suka tsare shi. Ƙwararru ne suka yi wannan sakaci, ba 'yan koyo ba.

Hanya ta biyu a bayyane take, kuma ita ta fi yawa a wajenmu: abin da ke bayan mutum. Allon rijiyar burtsatse da ɗan majalisa ya gina, wanda ke ɗauke da sunan mazaɓa da ƙauye. Sunan firamare a jikin bango. Kalar kayan makarantar yaro. Hasumiyar masallacin Juma'a. Lambar mota ko ta Adaidaita Sahu. Tsohuwar kuka ko rimin da duk ɗan yankin ya sani. Har abin da ido bai kula da shi ba yana magana. A 2019 a Japan wani mutum ya gano tashar jirgin ƙasan da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar ƙara girman hotunanta yana duban abin da ya haska a ƙwayar idonta, ya daidaita shi da hotunan titi na Google, ya bi ta har gida ya kai mata hari. Kyamarar wayoyin yanzu ta kai nan.

Ga kuma abin da masu aiki daga birni ke mantawa: kai sai ka yi awa biyu a Google Earth kafin ka gane wuri, ɗan garin kallo ɗaya zai yi. Don haka kada ka auna hoto da wahalar da ka sha. Auna shi da idon wanda ya fi kowa son samun mutumin, wanda sau da yawa ɗan'uwa ne, ko tsohon miji, ko maƙwabci.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wani mutum ya turo maka hoto yana neman taimako. Hoton na wata ƙungiyar mata masu yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne, ranar da aka raba musu injin niƙa. Ya zagaye fuskar mace ɗaya, ya ce ƙanwarsa ce, ta ɓata wata uku, mahaifiyarsu ba ta barci. Yana so ka gano wurin, ka kuma sa cigiya a shafinka mai mabiya da yawa.

Ka duba. Hoton daga Facebook aka ɗauko shi, don haka babu EXIF. Amma a gefen dama akwai rabin allon famfon tuƙa-tuƙa, ana iya karanta ƙarshen sunan ƙaramar hukuma da farkon sunan ƙauye. A baya akwai ajin firamare da ƙarfen sabis. Ka buɗe taswira, ka ga ƙauye ɗaya ne a Rimin Gado ke da makaranta da ƙarfen sabis a wannan jeri. Ka gano.

A nan ne za ka tsaya, ka fara da tambayar da ta fi kowace nauyi: wace ce wannan mata, kuma mene ne shaidar cewa ɓata ta yi? A hoton tana tsaye cikin mata, da mayafinta, tana karɓar kaya. Wannan ba siffar wadda aka sace ba ce. Ya fi kama da wadda ta bar wani wuri da ƙafarta ta samu mafaka wajen gwaggo ko ƙawa. Mace baliga da ta yi yaji saboda duka, ko ta gudu daga auren dole, ba ɓatacciya ba ce, ta san inda take. Mai cigiyar ma ba ka da tabbacin yayanta ne. Miji mai neman matar da ta guje masa ba zai ce maka shi miji ne mai duka ba. Zai zo da hawayen uwa.

Tambaya ta biyu: idan na yi kuskure ta kowane ɓangare, wa zai biya, kuma da me? Idan mutumin gaskiya yake faɗa kuma ka ƙi wallafawa, an samu jinkirin kwana ɗaya ko biyu kafin saƙo ya isa ta wata hanya. Wannan ana iya gyara shi. Idan ƙarya yake yi kuma ka wallafa, za a iya zuwa a ɗauke ta da ƙarfi, ko a yi mata lahanin da ba ya gyaruwa, ita da gidan da ya ɓoye ta. Duk lokacin da kuskure ɗaya ke gyaruwa ɗayan kuma ba ya gyaruwa, awon ya ƙare, ko da kana ganin yiwuwar sharrin kaɗan ce.

Ta uku: akwai hanyar da za a biya buƙatar gaskiya ba tare da an faɗi wurin ba? A nan akwai, kuma ita ce dabarar da ta fi amfani a duk wannan aiki, wato juya alƙiblar saƙo. Maimakon ka kai mai nema wurin matar, ka kai wa matar labarin mai nema. Ka tuntuɓi shugabar ƙungiyar da ta wallafa hoton, ka ce wani mai suna kaza yana cigiyar ɗaya daga cikin matan, ga lambarsa, in tana so ta kira shi. Ka tabbatar mace ce za ta isar da saƙon, a keɓe, ba a gaban taro ba. Shi kuma ka ce masa: “Malam, zan yi ƙoƙarin isar da saƙonka. Idan ta ji kuma tana so, za ta neme ka.” Kada ka ce masa ka gano, kada ka ce “tana nan wajen hanyar Gwarzo”, kada ma ka tabbatar masa tana cikin jihar.

Yadda zai karɓi wannan amsa shi ne gwajinka. Ɗan'uwa na gaskiya abin da ya fi damunsa shi ne ko tana raye, ko tana lafiya, kuma yakan yi godiya. Wanda ya fusata, ya ce shi wurin yake so ba saƙo ba, ya fara tayin kuɗi, ko ya hana a gaya mata ana nemanta, ya ba ka amsar da kake buƙata. Haka wanda ya ƙi kai maganar ga 'yan sanda ko mai unguwarsu, ya kasa kawo wani dattijo na gidan da zai yi magana da kai.

Wani zai ce a kai maganar ga mai unguwa ko dagacin ƙauyen, ko ofishin Hisba. Sau da yawa hakan daidai ne, su ne masu sulhu. Amma ka sani cewa aikinsu na farko shi ne mayar da mace ɗakinta, kuma suna iya kiran dangin mijin da kyakkyawar niyya kafin a ji ta bakinta. Ra'ayina shi ne a fara jin ta bakin matar, ita ta zaɓi wanda za a sa a maganar.

Da a ce hoton na yarinya ce 'yar shekara tara da aka gani a hannun baƙi, lissafin ya canza ta fuskar gaggawa, amma bai canza ta fuskar wallafawa ba. Wurin za ka kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP da iyayen da ka tabbatar da su, nan take. Idan ka sa shi a shafi, wanda ke riƙe da ita ma yana da waya, zai gani ya sauya mata wuri kafin kowa ya isa. Hukumar 'yan sandan Turai, Europol, tun 2017 take nuna wa jama'a guntayen abubuwa daga hotunan cin zarafin yara, kamar riga ko kwalba ko gini, tana neman a gane su. Ba ta nuna yaron, kuma wanda ya gane abu ita yake aika wa, ba ya shelanta shi.

Waɗanda ba a faɗin wurinsu

Bayan mace mai gudun cutarwa da ƙananan yara, akwai wasu da nake ganin ba a ma buƙatar dogon awo a kansu. Akwai wanda ake zargi da abin da ke tara gungun jama'a, kamar sata ko maita ko ɓatanci. A Maris na 2020 a birnin Kano, bayan wata waƙa ta yaɗu a WhatsApp, masu zanga-zanga sun ƙone gidan iyayen mawaƙin da ake zargi, alhali shi ba ya ciki. Wurin da ka wallafa ba na mutum ɗaya ba ne, akwai tsofaffi da yara a gidan. Ko kana ganin mutumin mai laifi ne, kotu ke da shi, kuma kana iya kuskuren gida.

Akwai mai ba da shaida a kan 'yan bindiga ko infoma, da ɗan sintiri, da wanda aka sako bayan biyan kuɗin fansa. Sai kuma wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba: manomin da aka ɗauka yana murmushi a gaban buhunan masara ko garken shanu. Ƙungiyoyin tallafin noma suna son irin wannan hoto, da suna da ƙauye da adadin buhu, don su nuna aikinsu ya yi kyau. Rimin Gado ba ta cikin wuraren da garkuwa da mutane ta yi katutu, amma hanyar da ta ratsa ta tana kaiwa Gwarzo, wadda ke iyaka da jihar Katsina, kuma masu wannan ta'asa da bayani suke aiki: wa ke da kuɗi, ina yake kwana. Hoton da ya haɗa fuska da dukiya da ƙauye ya yi musu aikin infoma kyauta. A zaɓi biyu a bar ɗaya. In ana son fuska da buhuna, a ce “wani manomi a jihar Kano”.

Yardar mai hoto ma sai an duba ta. Dattijon da aka tambaya “Baba, a ɗauke ka?” ya ce to, ya yarda da ɗauka ne, bai yarda hotonsa da sunan ƙauyensa su zauna a intanet har abada ba, wataƙila bai ma san hakan na nufin wani a Zamfara ko Legas zai gani ba. Gaya masa a fili: “Baba, wannan hoton kowa a duniya zai iya ganinsa, har wanda ba ka so. In rubuta sunan garinku ko in bari?” Kuma yardar miji ko shugaban ƙungiya ba ta maye gurbin ta matar da ke cikin hoton.

Inda faɗin wuri yake da hujja

Ba kullum ake ɓoyewa ba, in ba haka ba aikin tantancewa ya mutu. Idan jami'i ya yi hoto a gaban asibiti ya ce an kammala shi a ƙauye kaza, ka gano hoton na wani gari ne, wurin shi ne labarin, kuma ginin gwamnati ne, mutumin kuma yana bakin aikin jama'a. Faɗi. Amma ko shi, gidan da iyalinsa ke kwana ba ya cikin labarin. Abin dubawa shi ne ko wurin na aiki ne ko na kwana, ko mutumin ya riga ya bar wurin ko yana nan, ko kuma labarin zai rushe idan aka cire wurin. Mafi yawan lokaci ba ya rushewa. Don ƙaryata mai cewa hoto daga Zamfara yake, ya isa ka ce ka tabbatar a jihar Kano aka ɗauke shi, ka ajiye cikakkiyar hujjar wajen editanka.

Doka ma tana da abin cewa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki bayanin wurin mutum a matsayin bayanansa na kansa, kodayake ta yi sassauci ga aikin jarida da ke da maslahar jama'a. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba, da suna ko da hoto, a shari'o'in lalata da sauran laifuka. Sai dai doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Abubuwa da yawa da ba za a kai ka kotu a kansu ba suna iya sa a kwana ana kuka a wani gida.

Gyaran hoton kafin ya fita

Idan ka yanke shawarar wallafa hoton ba tare da wurin ba, sai ka tabbatar hoton da kansa bai faɗa ba. A kwamfuta, manhajar ExifTool tana nuna lambobin wuri, tana kuma goge su:

```
exiftool -gps:all hoto.jpg
exiftool -all= hoto.jpg
```

Layin farko dubawa ne, na biyu gogewa. Ka lura, bayan gogewa manhajar tana ajiye asalin fayil ɗin da suna `hoto.jpg_original`, da lambobinsa cif. Mutane sukan tura wannan bisa kuskure. Sake gudanar da layin farko a kan wanda za ka tura, in bai nuna komai ba ka tsira. A iPhone, wajen turawa akwai `Options` a sama, ka kashe `Location`. A wayoyin Android ana kashe alamar wuri a saitin kyamara tun kafin ɗauka. In duk wannan ya gagara, ɗauki hoton allon wayar ka tura shi maimakon asalin.

Abin da ke bayan mutum kuwa, yankewa ta fi komai. Yanke allon, yanke hasumiyar. Abin da ba ya yankuwa ka rufe shi da baƙin tambari mai kauri, kada ka dogara da dusashewa ko murɗa hoto: a 2007 masanan 'yan sandan Jamus sun warware fuskar da wani mai cin zarafin yara ya murɗe a hotunansa, Interpol ta wallafa ta, aka kama shi a Thailand. Rubutun allo da aka dusashe kaɗan ma ɗan garin zai karanta shi daga tsawon kalmomin. Duba sunan fayil, domin mutane na sa wa hoto sunan ƙauye. Duba sauran hotunan da za su fita tare, domin wanda ka gyara zai iya zama lafiya, na kusa da shi ya nuna makarantar gaba ɗaya. A bidiyo, saurari sautin: sanarwa daga lasifikar masallaci ko kiran kwandasta na iya ambaton gari.

Rubutun da ke rakiyar hoton shi ma yana zubar da bayani. “Wani ƙauye mai nisan kilomita kaɗan daga Rimin Gado, kusa da dam” kwatance ne cikakke ga ɗan yankin. Haka bayanin yadda ka gano wurin: idan ka zayyana cewa ka bi ƙarfen sabis da makaranta, ka koya wa mai nema hanyar da zai bi da kansa. Gwaji na ƙarshe kafin ka danna turawa shi ne ka nuna hoton da rubutun ga amintaccen mutum ɗaya da ya san yankin, ka tambaye shi ina ne nan. Idan ya ambaci ƙauyen, ko ya ce “kamar wajen su wane”, koma ka ƙara yankewa, ko ka haƙura da hoton ka fitar da labarin ba shi.